Daga Walƙiya Zuwa Tsawa: Yadda Ake Auna Nisan Hadari

Idan hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, walƙiya ce ke fara keta sama, sai a yi shiru na ɗan lokaci, sannan tsawa ta biyo baya. Mutane da yawa sun ɗauka abubuwa biyu ne ke faruwa ɗaya bayan ɗaya, alhali a lokaci guda suke tasowa. Wajen isowa ne ɗaya ke tsere wa ɗaya.

Walƙiya wutar lantarki ce da ke tsalle a cikin girgije, ko daga girgije zuwa ƙasa. Duk inda ta ratsa, takan zafafa iskar wurin har kusan digiri 30,000, wato ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar da ta sha irin wannan zafi farat ɗaya ba ta da yadda za ta yi sai ta buɗe da ƙarfin tsiya, kuma wannan fashewar ita ce tsawa.

Daga nan sai tsere. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda, saboda haka ana walƙiya ido ke gani, ko da tana can bayan gari. Sauti kuwa tafiyar mita 340 ko sama da haka kaɗan yake yi a sakan, wato sai ya ɗauki kusan sakan 3 kafin ya ci kilomita ɗaya. Wanda ya taɓa kallon 'yan bindiga daga nesa a hawan sallah ya san abin: hayaƙi ke fara tashi daga bakin bindiga, ƙarar ta iso daga baya.

Wannan jinkirin shi ne ma'auni. Da an ga walƙiya sai a fara ƙirga sakan, a tsaya da an ji tsawa, a raba abin da aka samu gida 3. Amsar ita ce nisan walƙiyar a kilomita. Agogon waya ya fi, domin mai ƙirga da baki yakan yi sauri, musamman idan gabansa na faɗuwa.

A ɗauki manomin da ke noman firi yana hangen hadari. Ya ga walƙiya, ya ƙirga sakan 18 kafin tsawa, ke nan kilomita 6. Bayan minti 5 ya sake ƙirgawa ya samu sakan 9, wato saura kilomita 3. Hadarin ya ci kilomita 3 a minti 5, kuma in ya ci gaba a haka, nan da wasu minti 5 yana kansa. Idan gidan manomin tafiyar minti 20 ce a ƙafa, to ya riga ya makara, tun ƙirgen farko ya kamata ya saɓa fartanya.

Sai dai lissafin na da iyaka. Abin da yake nunawa nisan walƙiya guda ne kawai, shi kuwa hadari faɗi gare shi, ta gaba na iya fitowa daga gefen da ya fi kusa. Shi ya sa ake maimaita ƙirgen sau da yawa, a duba ko adadin raguwa yake ko ƙaruwa. Idan kuma walƙiya ta yi yawa, tana bin juna ba ƙaƙƙautawa, da wuya a gane wace tsawa ce ta wace walƙiya.

Tsawa ba ta cika jiyuwa ba idan nisa ya haura kilomita 15 zuwa 20. Ita ce walƙiyar da ake hange da dare can gefen sama ba ƙara ko kaɗan. Cida mai tsawo kuma tana da nata dalili: hanyar walƙiya kan kai kilomitoci, sai sautin ɓangaren da ke kusa ya riga na nesa isowa, a ji rugugi yana ja. A nan ƙarar farko ake tsayar da ƙirge a kanta. Aradun da ta faɗi kusa kuwa, kusan tare da haskenta ake jin ta.

Masana yanayi na da ƙa'ida mai sauƙi: in tazarar ba ta wuce sakan 30 ba, wato kilomita 10, a nemi mafaka, domin aradu na iya faɗuwa nesa da inda ake ruwan. Mafaka ita ce ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe a rufe. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, inda makiyaya da manoma suka fi rugawa, na cikin wurare mafi hatsari. Kuma kada a fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.