Hoton Takardar Janareta a Waya: Yadda Ake Fassara Shi Ba Tare da Matakai Sun Rikice Ba

Sabon janareta mai shan fetur zalla yakan fito daga kwalinsa babu baƙin mai a cikin injin. Masana'anta ce ke tsiyaye shi kafin a yi lodi, don kada ya zube a hanya. An rubuta wannan a ɗan littafin da ke cikin kwalin, galibi a cikin wani akwatin gargaɗi da ke saman shafi, kafin a zo ga mataki na ɗaya. Mai sayen da ba ya karanta harshen littafin yakan ɗauki hoton shafin da waya, ya tura wa ɗa ko ƙane ko maƙwabci ta WhatsApp, ya ce a faɗa masa yadda ake tayarwa. Hannunsa kuwa kan jerin lambobin yake saitawa, domin nan ne yake ganin aikin yake. Akwatin da ke sama ya faɗa wajen hoto, kuma mai fassara ba zai fassara abin da bai gani ba.

Irin wannan fassara ta zama ruwan dare. Kayan wuta da ake saye a Sabon Garin Kano suna zuwa da littafi cikin Turanci ko Sinanci. Na hannu da ake kira Beljiyam kan zo da Jamusanci ko Holanci, idan ma littafin ya biyo kayan. A Maraɗi da Damagaram kuma Faransanci ya fi yawa. Masu fassarar ba ƙwararru ba ne, 'yan makaranta ne da ma'aikata masu son taimakon ɗan'uwa, kuma yawancinsu sun iya harshen daidai gwargwado. Inda suke tuntuɓe shi ne wajen tsari: me ke zuwa kafin me, kuma wane gargaɗi ne ke tafiya da wane mataki.

Aikin yana fara lalacewa ko gyaruwa tun daga hoton. Littattafan nan ƙanana ne, an buga su da ƙananan haruffa, sau da yawa ginshiƙi biyu a shafi guda. Idan aka buɗe littafin a hannu, tsakiyarsa takan lanƙwashe, kuma lambobin matakan shafin dama daidai wurin lanƙwasar suke zama. Sai hoto ya iso da jimloli a jere babu lamba ko ɗaya. Maganin shi ne a shimfiɗa littafin a kan tabarma ko tebur, a danne gefensa, a ɗauki shafi ɗaya a kowane hoto, kusurwoyinsa huɗu duka a ciki, har da lambar shafi a ƙasa. Hasken rana a inuwa ya fi fitilar waya, wadda kan bar farin tabo a kan takarda mai sheƙi. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan haruffa su dushe, don haka ya fi kyau a tura shi a matsayin fayil. Hotuna da yawa da aka tura lokaci guda kuma ba lallai su iso a jere ba, lambar shafi ce kaɗai ke mayar da su wurinsu.

Akwai hotuna biyu da mai fassara ya kamata ya nema ko ba a turo ba. Na farko shafin zane, inda aka sa wa sassan injin lamba ko harafi. Na biyu farantin da ke manne a jikin injin mai ɗauke da lambar samfuri, domin littafi ɗaya kan haɗa samfuri uku ko huɗu, kowanne da nasa awon mai.

Gargaɗin da ke cikin waɗannan littattafai ba mataki ɗaya suke ba. Ƙa'idar ANSI Z535 ta Amurka da ISO 3864 ta ƙasa da ƙasa sun tsara su hawa-hawa, kowane hawa da kalmarsa da launinsa. DANGER a kan ja na nufin abin da, idan ba a kauce masa ba, zai kashe ko ya yi mummunan rauni. WARNING a kan ruwan lemo na nufin abin da zai iya kashewa. CAUTION a kan rawaya rauni ne ƙarami ko matsakaici, kamar ƙunar salansa. A tsarin Amurka akwai kuma NOTICE a kan shuɗi, wanda ya shafi lalacewar kaya, ba jikin mutum ba. A littafin Jamusanci ukun farko su ne GEFAHR da WARNUNG da VORSICHT, a na Faransanci DANGER da AVERTISSEMENT da ATTENTION.

Mai fassara cikin sauri yakan tattara duka ya ce "a yi hattara". To, a nan an yi babbar asara, domin an daidaita ƙunar yatsa da mutuwar mutanen gida. Littattafai masu arha ma wani lokaci baƙi da fari ake buga su, launin da zai taimaka babu shi. Abin da ya dace shi ne mai fassara ya faɗi sakamakon a fili: wannan yana kashewa, wannan zai iya kashewa, wannan zai ƙona hannu, wannan zai lalata injin. Cikakken gargaɗi yana da gaɓa uku, wato mene ne haɗarin, me zai jawo, da yadda za a kauce masa, kuma dukansu ya kamata su tsallako cikin Hausa. Gargaɗin hayaƙi shi ne babban misali. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba a ganinta, ba a jin warinta. Tun 2007 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta wajabta manna takardar gargaɗi a kan haka a jikin ƙananan janaretoci, kuma shawarar da take bayarwa ita ce a ajiye injin a waje, nisan ƙafa 20 daga gida, wato kimanin mita 6. Wanda aka ce masa kawai "kada a kunna a ɗaki" zai iya kai injin zaure ko baranda ko ƙarƙashin taga, yana ganin ya bi umarni. Dole a gaya masa cewa buɗe ƙofa da taga ba ya wadatarwa, kuma bakin salansa ya juya wa gida baya.

A ɗauka wani tela ne ya sayi janareta mai injin irin na GX160 ko kwaikwayonsa, ya turo hoton shafin tayarwa. Tsarin da irin wannan littafi ke bayarwa sananne ne. Ana ajiye injin a daidaitacciyar ƙasa, a duba baƙin mai, wanda a wannan injin kimanin lita 0.6 ne, irin SAE 10W-30. Ana tabbatar da cewa babu abin da aka jona. Sai a buɗe makullin fetur, a rufe cok idan injin a sanyaye yake, a kunna makunnin injin, a ja igiya a hankali har a ji ta yi nauyi, sannan a fizga. Idan ya tashi ya ɗan ɗumama, sai a mayar da cok a buɗe. Daga nan ne kawai ake jona kaya.

A cikin wannan jerin akwai tarko guda da ke kama har masu ilimi. A kan makullin fetur, ON na nufin a buɗe yake, mai yana wucewa. A wasu injuna kuwa an rubuta ON a kan cok, kuma a can ma'anarsa a rufe yake, an toshe iska don fetur ya yi yawa a kafireto. Idan mai fassara ya ce "buɗe" a duka biyun, tela zai yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji. Idan kuma aka manta da matakin mayar da cok, injin zai tashi amma ya riƙa tari yana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Shi ya sa ake barin rubutun da ke jikin injin yadda yake, a ce "tura sandar zuwa inda aka rubuta ON", sannan a bayyana abin da hakan ke yi. Idanun tela a kan ƙarfen suke, kuma haruffan da ke jikinsa su zai nema.

Tarko na biyu a cikin ginin jimla yake. Marubutan littattafan nan sukan sa aiki biyu a jimla ɗaya, kuma wanda aka fara ambata ba shi ne za a fara yi ba. Jimlar da ke cewa a ƙara fetur bayan an kashe injin ya huce ta fara da ƙara fetur, alhali shi ne na ƙarshe. Mai sauraro da jarka a hannu abin da kunnensa ya fara ji shi yake yi. Hausa tana da kayan gyara wannan: "Kashe injin tukuna. Jira ya huce. Sannan ka buɗe tanki." Haka ma hani. A Jamusanci kalmar hani takan zo a tsakiya ko can ƙarshen jimla, inda gefen hoto ko inuwar yatsa ke iya cinye ta. A Hausa "kada" ta zo a farko, a ji ta kafin a ji aikin.

Lambobin matakai kuwa ba a taɓa su. Idan littafi ya ce mataki na 4, fassara ma ta ce na 4, ko da an raba shi gida biyu an ce 4a da 4b, saboda can gaba littafin zai ce a koma mataki na 4, kuma zanen ma da wannan lambar yake. Gargaɗin da aka buga tsakanin mataki na 2 da na 3 a nan zai zauna. Wasu kan kwashe gargaɗi duka su tara a ƙarshen saƙo don jerin ya yi kyau, sai mai aiki ya ji labarin haɗarin bayan ya riga ya wuce shi.

Awo ma yana son ido. Littafin Jamusanci ko Faransanci zai rubuta 0,6 da waƙafi inda na Turanci ke sa ɗigo, kuma a hoto mai dishi-dishi sifilin da waƙafin kan ɓace, ya zama kamar lita 6. Ƙaramin janaretan nan mai lamba 950 kuma wani tsari ne daban, domin ba shi da ma'ajin baƙin mai. Ana gauraya masa mai ne a cikin fetur, yawanci kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita. Wanda ya fassara shafin wani samfuri ga mai wannan injin zai sa shi zuba fetur zalla, kuma injin zai yi nokin.

Yawancin fassarar nan da saƙon murya ake tura ta, kuma murya ba ta da akwati ko launi ko ginshiƙi. Mai fassara nagari yakan fara da faɗin adadin matakan, ya ce bakwai ne, don mai sauraro ya gane idan ɗaya ya salwanta. Yakan kira lambar kowane mataki da baki, ya ɗan dakata a tsakani. Tayarwa saƙo ɗaya, kashewa wani saƙon daban, domin kashewa tana da nata jerin: a cire kayan da aka jona, a kashe makunnin injin, sannan a rufe makullin fetur. Idan wani layi bai fito sosai a hoto ba, ba ya cike gurbin da zato, sai ya ce a sake ɗauko masa shafi kaza daga sama. Kafin tela ya taɓa igiya kuma, yakan nemi ya maimaita masa matakan da bakinsa, daga duba baƙin mai har zuwa jona keken ɗinki.