Yadda ake cire koren kyalle a bar mutum shi kaɗai a bidiyo

Duk wanda ya taɓa kallon mai karanta hasashen yanayi a talabijin yana nuna taswira da hannu, ya ga wannan dabara. A ɗakin ɗaukar hoton babu taswirar komai, koren bango ne kawai a bayansa. Na'ura ce take share koren, ta saka taswira a gurbinsa. Dabarar ta daɗe: a 1940 Lawrence Butler ya yi amfani da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad, har ya samu kyautar Oscar. Yau kuwa mai ɗaukar talla a Kano ko Maraɗi yana iya yin ta da wayarsa da kyalle yadi biyar. A manhajoji ana kiranta `Chroma key`.

Sai dai akwai inda mutane da yawa suke tuntuɓe. Sun share koren, sun fitar da bidiyon, sun buɗe shi a wata manhaja, sai ga bayan mutumin ya koma baƙi ƙirin. Kafin a gane dalili, sai an san abin da ake nufi da a ce baya ya zama wayam.

Kowane hoto na na'ura tarin ƙananan ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Babu wata lamba a cikinsu da take nufin "nan babu komai". Don haka ake ƙara lamba ta huɗu, wadda ake kira alfa. Idan alfa ta kai 255, ɗigon a cike yake, ba a ganin abin da ke bayansa. Idan 0 ce, ɗigon wayam ne. Idan tana tsakiya, ana hango baya ta cikinsa kamar yadda ake hango fuska ta cikin siririn mayafi. Aikin cire kore gaba ɗaya, lissafin wannan lamba ta huɗu ne ga kowane ɗigo.

A ce wata mai sayar da atamfa tana son talla. An tsayar da ita gaban koren kyalle, sanye da jar atamfa da farin mayafi shara-shara. Hanya ɗaya da manhajoji ke bi ita ce su duba da nawa kore ya ɗara sauran launuka biyu. Ɗigo daga kyallen zai iya zama ja 40, kore 180, shuɗi 70. Kore ya wuce mafi girman sauran da 110, saboda haka sai a ba shi alfa 0, ya ɓace. Ɗigo daga goshinta kuwa ja 120, kore 80, shuɗi 60. Nan ja ya rinjayi kore, sai ya zauna daram. Wannan ne ya sa ake zaɓar kore: fatar mutum, baƙi ne ko fari, ja ya fi yawa a cikinta. Ƙari kuma, idon yawancin kyamarori yana da masu karɓar kore ninki biyu na ja ko shuɗi, shi ya sa koren ya fi fita tas.

Wahalar tana gefen mayafin. Ɗigo daga can zai iya zama ja 90, kore 140, shuɗi 80, domin kyallen yana leƙowa ta cikin zaren. Bambancin 50 ne kacal, wato ba mayafi ba ne zalla, ba kyalle ba ne zalla. Aiki mai kyau zai ba shi alfa ta tsakiya. Mai gaggawa sai ya ja ma'aunin har ƙarshe don koren ya tafi duka, mayafin ya guntule kamar ɓera ya ci, gefensa ya riƙa rawa duk lokacin da ta motsa.

Maganin wannan yana wurin ɗauka, tun kafin a zauna gaban kwamfuta. A goge kyallen, a ɗaure shi ya miƙe, domin kowane lanƙwasa inuwa ce, inuwa kuma wani koren ne daban wanda manhaja ba za ta gane ba. A haska kyallen da fitila biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, mutumin kuma a ba shi tasa. A matso da ita gaba kamar mita biyu, don kada inuwarta ta faɗa kan kyallen. In da waya ake ɗauka, a kulle haske da launi, kada su sauya a tsakiyar magana. Kada hasken ɗakin ya yi ƙaranci, domin waya tana adana launi sau ɗaya ne ga kowane ɗigo huɗu, gefen mutum dama bai cika fita sumul ba, duhu kuma yana ƙara masa tsaki-tsaki. In atamfar tana da koren ganye, to a sauya ta ko a nemo shuɗin kyalle, in ba haka ba ganyen zai zama rami a jikinta.

Tazarar mita biyun tana da wani amfanin. Kyallen yana maido koren haske kan kafaɗa da kumatu da fararen kaya. Bayan an share baya, sai a ga mutum da koren zobe a gefensa. Manhajoji suna da ma'aunin rage wannan, wanda a Premiere Pro yake cikin `Ultra Key` da sunan `Spill Suppression`. Abin da yake yi shi ne ya danne koren ɗigon zuwa kusa da ja da shuɗinsa. In an yi masa yawa, fata sai ta koma kamar ruwan hoda.

Ido kaɗai ba ya isa a tabbatar aiki ya yi. A kunna kallon alfa, inda hoton ke komawa fari da baƙi. Jikin matar ya kamata ya zama fari fat, baya baƙi wuluk, toka-toka kuwa sai a gefen mayafi da inda hannu ya motsa da sauri. Toka a tsakiyar kirji tana nufin sabon bayan zai leƙo ta jikinta. Toka a kusurwar hoto tana nufin kyallen bai sharu ba, kuma sau da yawa yanke kusurwar ya fi sauƙi.

Saura fitarwa. Bidiyon MP4 na yau da kullum, mai H.264, ba shi da wurin ajiye lamba ta huɗu, haka ma hoton JPEG. Manhaja sai ta zubar da alfa, ta cike gurbin da baƙi ko fari. Masu riƙe alfa su ne PNG ga hoto, ProRes 4444 a cikin MOV, da VP9 a cikin WebM. Mai amfani da FFmpeg zai iya yin aikin da layi ɗaya:

```
ffmpeg -i talla.mp4 -vf "chromakey=0x28B446:0.12:0.05" -c:v prores_ks -profile:v 4444 -pix_fmt yuva444p10le wayam.mov
```

Lambar farko ita ce koren kyallenmu, 40 da 180 da 70, a rubutun na'ura. Ta biyu tana faɗin iya kusancin da za a lissafa a matsayin kore, ta uku kuma laushin gefe. Harafin `a` da ke cikin `yuva444p10le` shi ne alfa.

Ko an yi daidai, wasu manhajojin kallo za su nuna bayan baƙi, domin dole su nuna wani abu. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora fayil ɗin a kan hoton shagon atamfar a manhajar tacewa. In jerin atamfofin ya bayyana a bayanta, har ana hango su dishi-dishi ta cikin mayafin, to alfa tana nan.