Yadda Ake Tsara wa Sabon Mai Gabatarwa Takardar Hirar Bidiyo

Takardar hira ita ce rubutun da mai gabatarwa ke riƙewa idan zai yi wa baƙo tambayoyi a gaban kyamara. Wanda ya goge a aikin jarida layi biyar sun ishe shi. Amma ɗalibi ko ma'aikacin ƙungiya da aka miƙa wa makirufo karon farko, sai an rubuta masa abu uku: manyan tambayoyi, ƙananan tambayoyin da ke bin kowacce, da jimlolin da zai tsallaka da su daga batu zuwa batu.

A ɗauka za a yi bidiyon minti 10 da wani dattijo marini a Ƙofar Mata cikin birnin Kano, marinar da ake cewa ta faro tun 1498. Manyan tambayoyi 6 sun isa, domin amsa mai ma'ana takan ci minti ɗaya zuwa biyu. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali a gama su kafin a kunna kyamara, a kuma sanar da dattijon batutuwan da za a taɓa. Ba a ba shi tambayoyin kalma da kalma, don kada ya zo da amsa kamar hadda. Da an fara ɗauka, layin farko a takardar shi ne ya faɗi sunansa da sana'arsa, da kuma amincewarsa a yaɗa hirar.

Manyan tambayoyin suna farawa daga mai sauƙi. "Baba, yaya aka yi kuka shiga rini?" tambaya ce da ke buɗe baki. "Kun gaji sana'ar nan ne?" kuwa da "eh" za a sallame ta. Kowace tambaya ta ɗauki abu ɗaya tak, saboda idan aka haɗa biyu, baƙo ta ƙarshen yake amsawa ya manta ta farkon. Batu mai nauyi, irin su raguwar ciniki, sai an kai tambaya ta huɗu ko ta biyar, bayan hira ta yi zafi.

Ƙananan tambayoyin su ne inda sabon hannu ya fi tuntuɓe. Da baƙo ya yi shiru, sai ya ruga zuwa tambaya ta gaba, alhali amsar ba ta nuna ba. Shi ya sa ake rubuta biyu ƙarƙashin kowace babba, tare da sharaɗin amfani da su. Misali, babbar tambaya ta ce: "Yaya ake haɗa ruwan rini a karofi?" Mai yiwuwa dattijon ya ce ana zuba baba da toka da kanwa, ya tsaya nan. Takardar sai ta ce: idan ya lissafo kayan kawai, a tambaye shi wanne ake fara zubawa, kuma kwana nawa ake jira, idan ya ambaci jiran, a tambaye shi da me yake gane ruwan ya yi. A wannan ta ƙarshen ne yakan nuna kumfa da launi, ya yi maganar wari, abin da mai kallo bai taɓa ji ba.

Maganar kuɗi tana da nata salo. Wanda ya ce wa dattijo "nawa kuke samu?" ba abin da zai ji sai "Alhamdulillahi". Gara a rubuta: "Nawa ake rina zane ɗaya yanzu, kuma nawa ne a da?"

Jimlar tsallakawa gajera ce, kuma ta fi daɗi idan ta ɗauko wani abu daga bakin baƙon. Tunda ba a san abin da zai faɗa ba, ana barin gurbi a rubuce: "Kun ambaci..., to bari mu koma kan masu saye." A tanadi wata kuma don dawo da shi cikin ladabi idan ya yi nisa: "Baba, za mu dawo kan wannan, amma ɗazu kuna bayanin toka."

A gefen takardar akan rubuta tunatarwa biyu da manyan baƙaƙe. Ta farko, a ƙirga uku a zuci bayan baƙo ya yi shiru, domin sau da yawa maganar da ta fi amfani a lokacin take fitowa, kuma mai tace bidiyo yana samun wurin yanka. Ta biyu ta fi wuya ga Bahaushe, wanda ya saba raka mai magana da "na'am", "haka ne", "to". A zaure ladabi ne, amma a bidiyo muryar na hawa kan ta baƙo, kuma ba ta ciruwa cikin sauƙi. Gyaɗa kai ya wadatar.

Ana gane takardar ba ta yi aiki ba idan aka ga idon mai gabatarwa na kan rubutu lokacin da baƙo ke magana, ko ya tambayi abin da aka riga aka amsa. Maganinsa shi ne a taƙaita kowace tambaya zuwa kalmomi uku ko huɗu a kati guda, a kuma gwada hirar da wani aboki kafin ranar. Tambayar ƙarshe ba ta canzawa: "Akwai abin da ban tambaya ba da kuke son mutane su sani?" Ba a kashe kyamara sai an amsa ta, an yi godiya.