Wasiƙa Kan Sunayen Kayan Kwamfuta

Wani ɗan kwamitin harshe mazaunin Khartum ya aiko da wasiƙa, yana neman a ƙera wa kayan kwamfuta sunaye daga tushen Hausa. Dabararsa tsohuwa ce: a ɗora "ma-" gaban aikatau, yadda "buɗe" ya haifi "mabuɗi". Ta haka manhajar Chrome za ta zama "malaluba", abin ajiye bayanai kuma "ma'adani".

Sai dai ƙarshen kalma na da hukunci. Wasalin "-i" kan nuna abin aiki, "-a" kuwa galibi wuri. Na'urar buga takarda ke nan "maɗabi", domin "maɗaba'a" tuni ta zama gidan ɗab'i. Linzami kuwa, in ji shi, a bar shi: bakin jama'a ya riga kwamiti.