Ciwon mara na farat ɗaya: idan ƙullun gidan ƙwai ya murɗe ko ya fashe

Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa, kowanne tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. A kan gidan ƙwai ne wani ƙulli mai ruwa ko jini a ciki yakan fito. Galibin irin wannan ƙullin yana samuwa ne a lokacin da jiki ke shirin sakin ƙwai, ya kuma baje da kansa cikin wata biyu ko uku ba tare da mace ta san da shi ba. Haɗari yana tasowa ne idan ƙullin ya murɗe gidan ƙwan, ko kuma ya fashe yana zubar da jini.

Gidan ƙwai a rataye yake da 'yan tantanin da jijiyoyin jininsa ke bi ta ciki. Idan ƙulli ya kai santimita 5 ko fiye, nauyinsa yana iya juya gidan ƙwan, jijiyoyin su murɗe kamar tsumman da ake matsewa. Jini ya kasa fita, wurin ya kumbura, daga baya mai shiga ma ya tsaya, naman ya fara mutuwa. An fi samun haka a gefen dama, kuma masu ƙaramin ciki da masu shan maganin sa ƙwai ya nuna don neman haihuwa sun fi fuskantarsa. Yana samun yarinyar da ba ta fara al'ada ba ma.

A ɗauki misalin mace 'yar shekara 24 mai ƙullin santimita 7 a dama. Tana sunkuyawa wajen shara sai ciwo ya soke ta a gefen mara, ya sauka cinya da kwankwaso, amai ya biyo baya. Bayan awa guda ciwon ya lafa, da dare ya dawo fiye da na farko. Wannan lafawar ita ke yaudarar iyali, domin gidan ƙwan yana iya murɗewa ya warware, ya sake murɗewa. A nan ne akan ce ai ciwon mara ne na al'ada, ko sanyi, a kira mai kemis ya yi allura. Allurar tana kwantar da ciwon, jijiyar kuwa tana nan a shaƙe. Ciwon al'ada yakan zauna a tsakiyar mara, kuma mace ta saba da shi. Wannan a gefe ɗaya yake, ya zo ba zato, da tashin zuciya.

Fashewa kuwa takan auku ne a makonni biyun da ke gaban zuwan al'ada, sau da yawa bayan saduwa ko aikin ƙarfi. Idan ruwa ne kaɗan ya zuba, ciwon yana raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan jijiya ce ta tsage, jini yana taruwa a cikin ciki ba a ganinsa a waje. Alamunsa su ne jiri idan an miƙe, bugun zuciya da sauri, zufa mai sanyi, fari a tafin hannu da cikin fatar ido, ciwo a kan kafaɗa, da suma. Mai shan maganin tsinka jini ta fi shiga wannan halin.

Duk mai irin waɗannan alamun asibitin da ake tiyata za a kai ta nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba ta abinci, ruwa ko jiƙo, saboda mai yiwuwa a sa mata maganin barci. A tafi da wanda zai iya ba da jini.

A asibiti gwajin ciki ake fara yi, ko da ta ce ba ta yi ɓatan wata ba, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana zuwa da kamanni iri ɗaya, kuma yana kisa da gaggawa. Ana kuma duba yiwuwar afendis da tsakuwar ƙoda. Sai a auna jini a yi hoton ciki. Hoton yana nuna ƙullin da jinin da ya taru, amma yana iya nuna jini na gudana alhali gidan ƙwan a murɗe yake, shi ya sa likita kan shiga tiyata bisa zato mai ƙarfi.

Murɗewa ba ta da magani sai aiki. Ana warware gidan ƙwan ta ƙananan huji da na'urar leƙa ciki, ko ta yanka, a cire ƙullin. A mace mai shekarun haihuwa ana barin gidan ƙwan ko da ya yi baƙi-baƙi, domin yawanci yana farfaɗowa. Idan ya riga ya mutu aka cire shi, ɗayan ya isa a ci gaba da al'ada da haihuwa. Fashewar da jininta ya tsaya ana lura da ita ne da maganin ciwo da sake auna jini, wadda ke ci gaba da zuba kuwa sai ƙarin ruwa, ƙarin jini da tiyata.