Kafin Ka Sa Sunan Mutum a CV Ɗinka

Duk wanda ya taɓa haɗa dosiyen neman aiki a Magariya ko Damagaram ya san layin nan na ƙarshen sanarwa, inda ake neman sunayen mutum uku da za su shaidi aikin mai nema. A nan ne matasan Kwaya da Dungas kan yi tuntuɓe. Sai ka ga an rubuta kawu, ko mai gari, ko wani babba da aka taɓa gaisawa da shi a wurin ɗaurin aure.

In sanarwa ta nemi sunaye, kamar yadda ƙungiyoyin agaji suka saba, to sa su wajibi ne: cikakken suna, muƙami, wurin aiki, lambar waya da imel. Dosiyen da ya rasa su kan faɗi tun wurin tantancewar farko. Amma in ba a nema ba, ko kuwa CV ce da za ka ajiye a ofishin ANPE ko ka raba wurare da yawa, kada ka watsa lambobin mutane. Ka rubuta `Références disponibles sur demande`, wato za a kawo sunayen in an buƙata. Haka ma in kana kan wani aiki kuma shugabanka bai san kana neman tashi ba.

Ɗauki misalin malamar jinya da ta yi shekara 2 a likitar ƙauye, tana neman aiki a Magariya. Shaidunta su ne manjon da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, da malamin da ya koyar da ita, da wanda ya jagorance ta lokacin rigakafi. Kafin ta rubuta sunan manjo, sai ta kira shi ko ta taka ta same shi. Bayan gaisuwa ta ce: "Ranka ya daɗe, ina neman aikin jinyar yara a Magariya. Ka yarda in sa sunanka cikin waɗanda za a tambaya game da aikina?" In ya amsa, ta aika masa CV da sanarwar, ta tuna masa watannin da suka yi aiki tare. Ta kuma tambayi layin da ya fi samuwa a kai, domin a bakin iyaka wani kan riƙe layin Nijar mai `+227` da na Najeriya mai `+234`.

In kuwa ya yi ta jan magana, yana "to, bari mu gani", ta nemi wani. Kunya ce ta hana shi cewa a'a, kuma mai ɗaukar aiki zai ji wannan sanyin a muryarsa. Mafi muni shi ne a kira mutum ya ce, "Wace ce kuma haka?"

Izinin bara ba ya yin aikin bana, don haka duk sabon nema sai ka sake tambaya. Ko ka samu aikin ko ba ka samu ba, ka koma ka yi godiya, domin gobe ma sunansa za ka roƙa.