Yadda ɗalibi zai kare batun zaɓen dole a filin muhawara

Cikin batutuwan da ake ba ɗaliban sakandare a gasar muhawara akwai wanda ke cewa tilasta wa 'yan ƙasa kaɗa ƙuri'a yana ƙarfafa dimokuraɗiyya. Ɗalibin da ya faɗo ɓangaren masu goyon baya yakan ji kamar an ba shi kaya mai nauyi, domin kalmar dole ba ta da farin jini, balle a zancen 'yanci. Amma a ganina ɓangarensa ya fi hujja, muddin ya san inda zai kafa ƙafarsa.

Aikin farko, bayan gaisuwa ga shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, shi ne ya fayyace abin da yake karewa. Ɗalibai da yawa kan tsallake wannan, sai abokan karawa su fassara musu batun yadda suka ga dama: wai za a sa 'yan sanda su riƙa kora mutane zuwa rumfar zaɓe, ko a tilasta wa mutum zaɓar wanda ba ya so. Gara ya riga su. Zai iya cewa: "Ya ku alƙalai masu adalci, dolen da muke nufi ita ce ɗan ƙasa ya je rumfarsa, a tantance shi, ya karɓi takardar ƙuri'a ya jefa a akwati. Abin da ya dangwala sirrinsa ne. In ya ga babu na zaɓa, ya jefa ta babu komai. Marar lafiya da matafiyi da duk mai uzuri karɓaɓɓe babu laifi a kansu." Da wannan ya rufe ƙofar da masu suka suka fi shigowa ta cikinta.

Sai misalin da zai riƙe jawabin, kuma babu kamar Ostareliya. A zaɓen tarayya na 1922 waɗanda suka fita ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba. A 1924 majalisa ta mayar da zaɓe dole, a zaɓen 1925 kuwa fitar ta haura kashi 90, kuma tun daga lokacin a kusa da nan take. Wanda bai fita ba, hukumar zaɓe kan aika masa takarda ya faɗi dalili. In dalilin ya karɓu shi ke nan, in ba shi da shi ya biya tarar dalar Ostareliya 20, kuɗin da bai kai ladan aikin sa'a guda na ƙaramin ma'aikaci a can ba. Ranar Asabar ake zaɓen, kuma akwai damar kaɗawa tun kafin ranar ko ta gidan waya. Mai jawabi ya tsaya a kan wannan sosai, domin yana nuna cewa ba tsananin hukunci ne ya fitar da mutane ba. Doka ce mai sauƙi wadda aka haɗa da sauƙaƙa wa jama'a, har abin ya zama al'ada.

Idan masu suka suka ce ai wannan halin mutanen Ostareliya ne kawai, ga Cile. A 2012 ta soke dolen, fitar masu zaɓe ta faɗi ƙasa da rabi. Da aka dawo da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 2022 kan sabon tsarin mulki, fitar ta haura kashi 80. Ƙasa ɗaya, mutane ɗaya, doka ce kawai ta sauya.

Sai dai a nan ne jawabai da yawa ke tuntuɓe. Batun bai ce dole tana ƙara yawan masu zaɓe ba, wannan ko masu suka sun yarda. Ya ce tana ƙarfafa dimokuraɗiyya. Alƙali mai lura zai jira ya ji yadda yawa ke zama ƙarfi, kuma amsar tana cikin tambayar su wa ke zama a gida. Masanin siyasa Arend Lijphart ya yi fice da bayani a kan haka a 1997: inda zaɓe ganin dama ne, masu hali da masu ilimi mai zurfi sun fi fita, talakawa da matasa sun fi ƙauracewa. Ɗan siyasa kuwa ya san lissafinsa, inda ƙuri'a take can yake kai rijiya da asibiti. Idan ya tabbata mai tallan ruwa da ɗan dako za su fito ko ana ha-maza-ha-mata, dole ya saurare su.

Daga nan ɗalibinmu na Najeriya zai iya juyowa gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, amma kimanin miliyan 25 ne suka kaɗa ƙuri'a, wato wajen kashi 27 cikin ɗari, kuma wanda ya yi nasara bai kai ƙuri'a miliyan 9 ba. Maimakon ya cika kunnen alƙalai da miliyoyi, ya kawo musu lissafin rumfa guda. A ce tana da mutum 500 masu rajista. In kashi 27 suka fito, mutum 135 ke nan, kuma a takarar mutum biyu ƙuri'a 68 ta isa cin rumfar. Mai jakar kuɗi zai iya sayen 68 kafin azahar. In kuwa 450 suka fito, sai ya nemi 226. Haka nan ɗan bangar da aka ɗauko don ya tsorata unguwar abokan hamayya su zauna a gida, aikinsa ya yi wuya idan kowa ya san sai ya fita. Kada mai jawabi ya ce dole za ta kashe sayen ƙuri'a, domin ba gaskiya ba ne, kuma za a kama shi. Abin da zai iya tsayawa a kai shi ne tana tsauwala wa mai saye kuɗi.

Akwai suka guda biyu da ya kamata ya kwana da shirinsu. Na farko, cewa wanda aka tilasta zai dangwala barkatai. Ya yarda akwai irin wannan, sannan ya nuna cewa a Ostareliya ƙuri'un da ke lalacewa a zaɓen majalisar wakilai sukan tsaya ne wajen kashi 5 cikin ɗari. Na biyun ya fi zafi, kuma na gida ne. A watan Mayun 2025 wani ƙudirin zaɓen dole wanda Kakakin Majalisar Wakilai Tajudeen Abbas yake cikin masu gabatarwa ya tsallake karatu na biyu, da tanadin tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Jama'a suka yi ca, aka janye shi cikin watan. Masu suka za su ɗauko wannan, su tambaya ta yaya za a ɗaure wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa, ko wanda ya yi ta zirga-zirga katinsa bai fito ba, ko wanda ya yini a layi malaman zaɓe ba su iso ba.

Shawarata kada ya kare wancan ƙudiri, domin hukuncinsa ya wuce kima, kuma alƙalai sun san haka. Ya ce da su: "Mun yarda da abokan karawarmu cewa ba a ɗaure talaka saboda ƙuri'a. Amma dokar da muke so tana hawa kan gwamnati kafin ta hau kan talaka. Ranar da aka ce kowa sai ya yi zaɓe, wajibi ne hukuma ta kai katin kowa hannunsa, ta buɗe rumfa a sansanin 'yan gudun hijira, ta samar da tsaro a hanya. Inda ta gaza, ba ta da bakin cin tarar kowa." In lokaci ya rage, ya ƙara da Burazil, inda dolen ta tsaya kan 'yan shekara 18 zuwa 70, aka bar wa 'yan 16 da 17 da waɗanda suka haura 70 da waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba zaɓin fita ko zama. Wannan martani ya cancanci a ware masa minti guda cur, ko da sai an rage gaisuwar farko.